Shafin akitek mai ayyuka 34 da baya kawo mata aiki, da yanda muka gyara shi

Akitek ce, ta yi shekaru a wani babban kamfanin zanen gine-gine kafin ta fita ta buɗe nata ofishin, ita da mataimaki guda ɗaya. Mafi yawan aikinta gidajen zama ne, sai gyaran tsofaffin gidaje da ƙara musu ɗakuna, jefi-jefi kuma ɗan ginin ofis. Tana da shafin intanet tun lokacin da ta fita, kuma idan ka buɗe shi a babbar kwamfuta gaskiya ya ƙayatu, baƙin bango, manyan hotuna suna ta wucewa ɗaya bayan ɗaya, ayyuka 34 a jere. Damuwarta ita ce duk aikin da take samu ta bakin mutane yake zuwa, wani ya gaya wa wani, shafin kuwa sai dai abokan sana'a su yaba, sai ɗalibai masu neman wajen koyon aiki, sai masu tallan tayil da fenti. Abin da ta ce min shi ne, "Malam, ni dai a ƙara min hotuna, a sa shi ya fito a Google."

Na ce ranki ya daɗe bari mu fara duba shi a waya tukuna, don wanda yake da fili yana tunanin gini ba lallai a ofis zai zauna ya neme ki ba, da daddare ne yana kwance, wani ya turo masa linki.

Da muka buɗe a waya da data, allon ya tsaya baƙi ƙirin na tsawon lokacin da babu wanda zai jira. Dalilin bai ɓuya ba, hotunan 3D ɗin kamar yanda suka fito daga manhajar zane haka aka ɗora su, faɗin fiksel 6000, PNG, kowanne ya haura megabait 10, kuma guda shida ne a shafin farko kaɗai. Da ya gama buɗewa sai na ce ta ɗauka ita ce mai filin, ta nemo min amsar abu uku: wane irin gini matar nan take yi, ta taɓa yin irin nawa, kuma idan ina so ta min ta ina zan fara. Ta yi ta sama da ƙasa da yatsa, babu ko ɗaya. Kowane aiki hotuna ne kawai da suna da shekara, ba a ce an gina ba ko a takarda ya tsaya, ba a ce nata ne ita kaɗai ba ko na kamfanin da ta bari, sannan can ƙasa akwai `Contact` da ɗan fom mai gida uku, suna, imel, saƙo.

A nan ne na gaya mata abin da nake gani shi ne asalin matsalar. An yi shafin ne don idon sauran masu zane, su da hoto ɗaya ya ishe su su gane gwaninta. Amma mai kuɗin da zai ba da aiki ba ya karanta hoto haka, shi tsoro ne fal a ransa, wataƙila ginin nan shi ne kuɗi mafi yawa da zai kashe a rayuwarsa, yana so ya san idan matsala ta taso a tsakiyar aiki yaya matar nan take yanke shawara, tana jin magana ko kuwa nata kawai take bi, kuɗi zai ƙare gini bai kai linta ba ko a'a. Hoton falo mai ƙyalli ba ya amsa ko ɗaya cikin waɗannan.

Rage ayyukan

Wannan ya fi komai ja-in-ja. Mun zauna da jerin 34 ɗin muna tambayar kowanne: an gina shi? naki ne? kina son a sake kawo miki irinsa? Tambaya ta ukun ita ce mutane suke mantawa, alhali abin da ka baje shi za a saya. Tana da zanen shaguna da yawa da ta yi lokacin da take neman na rufin asiri, ba ta ƙaunar irin aikin, amma su ne suka cika rabin shafin. Muka cire su.

Sai ayyukan tsohon kamfaninta, guda tara, ciki har da wani babban bene da shi ne hoton farko a shafin. Na tambaye ta me ta yi a ciki, ta ce ita ta zana matakala da banɗakuna da bayanan tagogi. To kinga ba za a sa shi a gaba kamar ke kika tsara shi ba, banda rashin gaskiya da ke ciki, zanen mallakar kamfanin ne, hotunan kuma akwai mai hoton da ya ɗauka da haƙƙinsa, kuma duk ranar da kwastoma ya gano, shikenan ya daina yarda da sauran ma. Ta rubuta wa tsohon ofishin ta nemi izini, suka yarda da biyu, muka sa su a shafin tarihinta da bayani ƙarara cewa a ƙarƙashin wancan ofishin ta yi kuma ga iya abin da ta yi.

Daga ƙarshe shida suka rage a matsayin cikakken labarin aiki: sabbin gidaje uku, gyara da ƙari biyu, ofis ɗaya. Wasu kaɗan muka bar su a ɗan jeri ƙasa, hoto ɗaya da layi ɗaya. Kuma duk wanda ba a gina ba an rubuta a jikin hoton cewa zanen kwamfuta ne, ba a gina ba tukuna, don hoton 3D na yanzu ya kai inda mutum ba zai bambance shi da na gaske ba, kuma ranar da ya ce a kai shi ya gani da idonsa aka fara kame-kame, an gama.

Gidan da ke kan siririn fili

Bari in tsaya a kan guda ɗaya sosai, don da shi muka fitar da tsarin da sauran biyar suka bi, kuma shi ne ita da farko ba ta so a sa, wai ƙaramin gida ne ba abin nunawa ba.

Filin faɗinsa mita 9, tsawonsa mita 24, titi yana yamma ta gajeren gefen, dama da hagu kuma maƙwabta sun riga sun yi bene. Dokar yankin ta ce a bar mita ɗaya da rabi kowane gefe, saura faɗin mita 6 kenan da za a yi gini a kai, sannan bayan an bar gaba da baya tsawon ginin ya tsaya wajen mita 17. Masu gidan mata da miji ne da yara uku da mahaifiyar mijin wadda ba ta iya hawa bene, kuma sun zo da buƙatar ɗakunan kwana biyar. A tsohon shafin duk wannan babu, hotuna huɗu ne kawai na gaban gidan, kuma gaban gidan kusan bango ne zalla da 'yan ƙananan tagogi, wanda bai sani ba zai ce wannan wane irin gida ne kamar sito.

Na kunna rikoda na ce ta ba ni labari kamar yanda za ta ba ƙanwarta, kar ta yi min yaren ofis. Sai ga abin ya fito. Gini mai faɗin mita 6 da tsawon 17 tsakanin benaye biyu, tsakiyarsa duhu ne da zafi, don tagogin gefe bangon maƙwabci suke kallo daga mita ɗaya da rabi, ba haske ba iska ba sirri. Ta kai musu zaɓi uku. Na farko ɗakuna biyar kamar yanda suka ce, amma biyu daga ciki sai an kunna fitila da rana tsaka. Na biyu a ƙara hawa na uku, ɗakuna su cika, amma kuɗin ƙarfe da kankare ya wuce abin da suke da shi. Na uku a huda tsakiyar ginin a yi 'yar tsakar gida mita 3 da mita 4 a buɗe har sama, wanda ke nufin an rasa murabba'in mita 12 a kowane hawa, 24 kenan duka, wato ɗaki na biyar ya tafi. Sun yi makonni suna juya maganar, mijin ya dage a kan biyar, daga baya ta kai su filin da yamma ta shata musu layin bangon da igiya, suka tsaya a inda ɗakin tsakiya zai kasance suka ga inuwar benen maƙwabci ta rufe wajen tun rana ba ta yi nisa ba, a nan suka yarda da huɗu. Gaban gidan da yake kamar bango zalla kuwa da gangan ne, yamma yake kallo, rana ta fi dukansa daga azahar zuwa faɗuwarta, sai ta jera matakala da sito da banɗaki a wannan ɓangaren su tare zafin, ɗakunan kwana suka koma suna buɗewa ta tsakar gida da baya. Ɗakin tsohuwar yana ƙasa, ƙofarsa ta buɗe kai tsaye zuwa tsakar gidan ba tudu ko ɗaya, an faɗaɗa ƙofofin yanda keken guragu zai wuce idan wata rana an buƙata.

Da ta gama na ce wallahi wannan shi ne abin da ya kamata ya zama a gaban shafin, ba wancan benen ba. Duk mai siririn fili da ya karanta wannan zai ga kansa a ciki.

Ga yanda muka shimfiɗa shi. A sama hoto ɗaya na gaske, na tsakar gidan da safe, ba na gaban gida ba. Ƙarƙashinsa jimla biyu da ke faɗin matsalar da abin da aka yi. Sai ɗan akwati na bayanai: irin aikin, girman fili, girman gini, shekarar da aka gama, tsawon lokacin zane da na gini, da iya inda aikinta ya tsaya, wato ta zana kuma ta sa ido a kan ginin har aka miƙa makulli, sannan sunan injiniyan da ya lissafa ƙarfe da na mai hoto. Daga nan labarin ya biyo, abin da suka zo da shi, abin da filin ya hana, zaɓi ukun da ɗan zanen kowanne, wanda aka ɗauka da abin da aka rasa saboda shi. Kalmomi wajen 500 ne gaba ɗaya da hotuna takwas, kowane hoto yana da layi a ƙasa da ke cewa ga abin da za ka kalla, misali "tagar saman nan ita ke fitar da iska mai zafi daga matakala", ba wai "falo" kawai ba.

Akwai sakin layi ɗaya da muka daɗe muna muhawara a kai. Lokacin da aka gwada ƙasar filin an tarar ciko ce, ba za ta ɗauki irin fandishon da aka yi lissafi da shi da farko ba, dole aka canza, kuɗin ya ƙaru, sai aka rage a wajen ƙawa, aka fasa dutsen da za a liƙa a gaba aka yi filasta da fenti, aka ɗaga kabad ɗin ɗakunan yara zuwa gaba. Ta ce a cire, kar a ce aikinta yana samun matsala. Ni kuma na ce duk wanda ya taɓa ɗora bulo a kan bulo ya san babu ginin da ke tafiya sumul, abin da yake so ya gani shi ne kin sa an gwada ƙasa kafin a haƙa, kuma da kuɗi ya motsa kin zauna da su kun zaɓi inda za a rage ba tare da an taɓa ƙarfin ginin ba. Ta yarda aka bar shi.

Filan ɗin gidan ma sai da aka sake shi. Wanda ta turo min shi ne na ma'aikata, cike da awo da lambobi da layukan wuta da famfo, a waya kamar gizo-gizo ya yi saƙa. Ta fitar da wani mai sauƙi, bango baƙi, sunayen ɗakuna da manyan haruffa, kibiyar arewa, tsakar gida da launi daban. Kuma maimakon a rubuta 1:100 sai aka zana ɗan sandan awo a gefe mai nuna mita 5, saboda 1:100 a takarda yake da ma'ana, a allo kuwa hoto yana ƙanƙancewa yana girma gwargwadon wayar mutum, sandan ne kaɗai yake tafiya tare da zanen.

Wani abu da bai kamata a yi wasa da shi ba: gidan mutane ne, suna ciki da 'ya'yansu. Kafin a ɗora komai ta nemi izininsu a rubuce, ta nuna musu shafin kafin ya fita. Ba sunansu, ba sunan layi, ba lambar gida, ba lambar mota a hoto. A filan ɗin da aka wallafa ba a nuna ƙofar baya da inda kyamarori suke ba. Sannan hotunan da ta ɗauka da wayarta lokacin gini suna ɗauke da ainihin wurin da aka ɗauke su a ɓoye cikin fayil ɗin, abin da ake kira EXIF, duk wanda ya sauke hoton zai iya ganin gidan a taswira. Kafin a ɗora sai da aka goge:

```
exiftool -gps:all= *.jpg
```

Nauyin hotuna

Wannan ba zan ja shi ba don aikin hannu ne kawai. Kowane hoto an fitar da shi girma uku, faɗin 640 da 1280 da 1920, a WebP, wato nau'in hoto mara nauyi, sai burauza ta zaɓi wanda ya dace da allon. Ƙaramin bai kai kilobait 100 ba, babban kuma 'yan ɗaruruwa.

```html
<img src="tsakar-gida-1280.webp"
  srcset="tsakar-gida-640.webp 640w, tsakar-gida-1280.webp 1280w, tsakar-gida-1920.webp 1920w"
  sizes="100vw" width="1920" height="1280" loading="lazy"
  alt="Tsakar gida mita 3 da 4 daga ƙofar falo">
```

`width` da `height` suna hana rubutu tsalle lokacin da hoto yake saukowa. `loading="lazy"` kuma yana sa hoto ya jira sai an gangaro kusa da shi, amma kar a sa shi a hoton farko na sama, don shi ake so ya fito nan take, idan aka sa masa sai ya ƙara jinkiri. Ma'aunin da Google ke amfani da shi, LCP, wato lokacin da abu mafi girma a allo yake ɗauka kafin ya fito, yana ɗaukar daƙiƙa 2.5 ko ƙasa a matsayin mai kyau, kuma ana dubawa kyauta a PageSpeed Insights, a duba ɓangaren waya ba na kwamfuta ba. Hotunan da ke juyawa a shafin farko mun cire su gaba ɗaya, hoto ɗaya ne yanzu da jimla ɗaya da ke cewa tana zana gidajen zama da gyaran tsofaffi, musamman a filaye masu matsi, da yankin da take aiki.

Hanyar ba da aiki

Kafin in taɓa tsohon fom ɗin sai na cike shi da kaina in ga inda saƙon zai faɗa. Bai shigo akwatinta ba. Muka duba `Spam`, ga shi can, tare da wasu saƙonnin mutane na gaske da suka yi watanni a kwance, har da wani mai neman a ƙara masa hawa a kan gidansa. Ranta ya ɓaci sosai kuma da gaskiyarta. Abin da ya faru shi ne fom ɗin yana aika saƙo da adireshin wanda ya cike a matsayin mai aikawa, wato sabar shafinta tana cewa ita ce Gmail ɗin wani, masu karɓar imel kuma suna tantance wannan da wasu ƙa'idojin tabbatar da mai aikawa da ake kira SPF da DKIM da DMARC, idan bai yi daidai ba su jefa shi shara ko su ƙi karɓa. Gyaran shi ne saƙon ya fito daga adireshin ofishinta, na baƙon kuma ya zauna a wajen amsa:

```
From: fom@ofis.example
Reply-To: adireshin wanda ya cike
```

Sannan aka saita SPF da DKIM na sunan shafin, aka kuma sa kowane saƙo ya ajiye kwafi a cikin shafin kansa ko da imel ya ɓata. Duk mai irin wannan fom ɗin ya riƙa gwada shi lokaci-lokaci, don idan ya lalace ba ya ihu, shiru kawai za ka ji ka ɗauka kasuwa ce babu.

Amma ko da saƙon yana isowa, akwatin da aka rubuta "saƙo" kawai ba hanya ba ce. Mutumin da bai taɓa ɗaukar akitek ba bai san me zai rubuta ba, bai san ko tambaya ma kuɗi ce ba, sai ya rubuta "nawa kuke zana gida?" ko ya fasa. Don haka muka yi shafi guda mai suna "Yanda ake fara aiki da ni", kuma maɓallinsa yana saman kowane shafi, yana kuma ƙarshen kowane labarin aiki da jimlar da ta dace da labarin. A ƙarshen na siririn filin an rubuta "Kana da fili mai matsi irin wannan? Ga yanda za mu fara."

Shafin yana faɗin matakan da yaren kowa. Ka cike fom, za ta amsa cikin kwana biyu na aiki. Idan aikin irin nata ne za a yi waya ta minti 20 zuwa 30 kyauta. Bayan nan ziyarar fili da ɗan rahoton abin da zai yiwu, wannan ana biya, kuma an faɗa tun a shafin cewa ana biya, don a da tana ƙona mai da yini guda tana zuwa duba filayen da ba a ma gama sayensu ba. Sai takardar tayi a rubuce mai nuna matakan aikin da kuɗin kowanne, a sa hannu, sannan a fara zane. Ta so ta kwafo matakan RIBA Plan of Work, wato tsarin aiki na ƙungiyar akitek ta Birtaniya, daga 0 zuwa 7, kamar yanda ta saba a tsohon ofis, na ce ta riƙe su a takardar yarjejeniya, a shafi kuwa huɗu sun isa: zanen farko, zanen neman izinin hukuma, zanen da ma'aikata za su bi, da sa ido a kan gini. An kuma bayyana yanda ake lissafa kuɗinta ba tare da an sa adadi ba, sabon gini kaso ne na kuɗin ginin, ƙaramin aiki dunƙule ne, shawara kuma da awa. Da abin da ba ya ciki: kuɗin safiyo, gwajin ƙasa, injiniya, da kuɗin hukuma. Wannan layin kaɗai yana kashe rigima da yawa tun ba ta taso ba.

Fom ɗin gida bakwai ne. Suna, waya ko imel, irin aikin a zaɓa daga jeri, yankin da filin yake, ko filin ya zama naka da takardu ko kana kan saye, kuɗin da ka ware wa ginin, da lokacin da kake son farawa, sai wajen ƙarin bayani ga mai so. Maganar kuɗin ce ta tsaya mata a rai, ta ce mutane za su gudu, ba a son a tambayi mutum aljihunsa tun ba a gaisa ba. Akwai gaskiya a ciki. Shi ya sa ba mu bar shi fili a rubuta adadi ba, rukuni huɗu ne a zaɓa, da na biyar mai cewa "ban sani ba tukuna", da ɗan layi a ƙasa da ke cewa ana tambaya ne don kar a zana maka abin da ba zai ginu ba. Wanda ya zaɓi ban sani ba ba a kore shi, a waya ake taya shi lissafi. Wanda kuma ya zaɓi mafi ƙanƙanta yana son bene hawa uku, gara a gaya masa gaskiya cikin mutunci a saƙon farko da a ɓata wata guda.

WhatsApp mun bar shi, don akwai mutanen da ko me za ka yi ba za su cike fom ba, amma yana ƙasan fom ɗin, kuma linkin yana buɗewa da rubutu a shirye mai tambayar irin aikin da yankin, ta `wa.me` da `?text=`. Ɗalibai da masu talla an ware musu adireshinsu daban a ƙasa don kar su cakuɗe da masu aiki. Bayan an danna aikawa kuma ba "mun gode" kawai ke fitowa ba, ana gaya wa mutum ranar da zai ji daga gare ta da abin da zai tanada kafin wayar: takardar safiyo idan akwai, hotunan filin ta kusurwa huɗu, da jerin waɗanda za su zauna a gidan.

Abin da ya canza da wanda bai canza ba

Yawan masu shigowa shafin bai wani tashi ba a watannin farko, kuma na gaya mata tun farko kar ta sa rai, fitowa a Google abu ne mai ɗaukar lokaci kuma shafi mai labari shida ba zai ture manyan kamfanoni ba. Abin da ya canza shi ne irin saƙon da ke zuwa da irin hirar da ake yi. Har yanzu mafi yawan mutanenta ta bakin wani suke zuwa, amma yanzu wanda ya ba da sunanta yana tura linkin aiki guda da ya yi kama da na mai neman, shi ya sa muka tabbatar kowane labari yana da adireshinsa na kansa da hoton da ke fitowa idan an tura shi a hira, wato `og:image`, girman 1200 da 630. Mutum yana zuwa waya ya riga ya san ziyarar fili ana biya, ya san ba ta zana shaguna, wani ma ya fara da cewa filinsa ya fi wancan matsi, mita 8 ne. A fom ɗin daga baya ta ƙara tambaya ɗaya, wane aiki ka gani da ya sa ka tuntuɓe ni, kuma na siririn filin ake yawan ambata, har da sakin layin fandishon.

Inda abin ya yi rauni shi ne labarai biyu na gyaran tsofaffin gidaje. Babu hoton yanda gidajen suke kafin a taɓa su sai guda biyu marasa haske da aka ɗauka a gurguje, kuma zanen zaɓin da aka ƙi duk an goge su, to labarin gyara ba tare da "kafin" ba rabin labari ne, ba kuma yanda za a koma baya a ɗauka. Don haka yanzu kowane sabon aiki tana buɗe masa folda tun ranar farko: hotunan fili daga wurare huɗu da za a sake tsayawa a ɗauka bayan an gama, kwafin kowane zaɓi da aka kai wa mai gida har wanda ya ƙi, da 'yan layuka duk lokacin da aka yanke babbar shawara da dalilinta. Maganar izinin wallafawa kuma ta shiga cikin takardar yarjejeniya a matsayin zaɓi da mai gida zai iya cewa a'a, kuma ɗaya daga cikin sabbin kwastomominta ya ce a'a, don haka wannan gidan ba zai hau shafin ba ko da ya fi sauran kyau.